Shawarwari Goma Kan Lissafin Shekarun Haihuwa Da Na Aiki Da Fomular DATEDIF

A gidaje da yawa akwai lissafin kwanan wata da ke jiran a yi shi: shekarun yaron da za a sa makaranta, makonnin jaririyar da za a kai rigakafi, da shekarun da maigida ko uwargida suka yi suna aikin gwamnati kafin lokacin ritaya. Wanda ke da Excel ko Google Sheets a kwamfuta ko a waya yana iya yin duk wannan da fomula guda mai suna DATEDIF. Fomular tana da sauƙi, amma tana da wuraren da take ba da amsar da ba daidai ba, kuma wani lokaci ba ta nuna alamar kuskure. Shawarwarin da ke tafe za su bi misalin gida ɗaya daga farko har ƙarshe: maigida ma'aikacin gwamnatin tarayya da aka haifa ranar 15 ga Satumba 1967, ya kama aiki ranar 20 ga Nuwamba 1994, da jikarsa da aka haifa ranar 31 ga Janairu 2025. Za a yi lissafin ne zuwa ranar 10 ga Maris 2025.

1. Ku rubuta fomular da hannu, domin Excel ba zai kawo muku ita ba

DATEDIF ba 'yar asalin Excel ba ce. Ta fito ne daga wata tsohuwar manhajar lissafi mai suna Lotus 1-2-3, kamfanin Microsoft kuma ya bar ta a cikin Excel don tsofaffin fayiloli su ci gaba da aiki. Shi ya sa idan kuka fara buga sunanta a Excel ba za ta bayyana a jerin fomulolin da ke saukowa ba, har mutum ya zaci babu ita. Tana nan, sai dai a buga ta gaba ɗaya. Abubuwa uku take buƙata, bi da bi: ranar farawa, ranar ƙarewa, sai harafin da ke nuna irin amsar da ake so.

A misalinmu, sunan maigida yana akwatin A2, ranar haihuwarsa a B2, ranar kama aiki a C2, ranar da ake lissafi zuwa gare ta a D2. Shekarunsa na haihuwa su ne:

```
=DATEDIF(B2,D2,"Y")
```

Amsar ita ce 57. Harafin ƙarshe dole ya kasance cikin alamar zance, miƙaƙƙiya irin wadda ake bugawa kai tsaye a akwatin. Idan aka manta da ita Excel zai nuna `#NAME?`. Idan kuma aka kwafo fomular daga saƙon waya ko daga takardar Word, sau da yawa alamar takan zo a lanƙwashe, fomular ta ƙi aiki; a goge alamar a sake buga ta. Masu karatu a Nijar da ke amfani da Excel na Faransanci su lura cewa sunan DATEDIF da haruffanta ba sa canzawa, amma waƙafi mai ruwa (;) ake sawa a maimakon waƙafi, `TODAY()` kuma sunanta `AUJOURDHUI()`, `EDATE` sunanta `MOIS.DECALER`.

2. Ku san haruffan nan shida, ku san waɗanda za ku dogara da su

Haruffan sun kasu biyu. Uku na farko suna ba da jimillar tsawon lokacin: `"Y"` cikakkun shekaru, `"M"` cikakkun watanni tun daga farko, `"D"` dukkan kwanaki. Uku na biyu suna ba da ragowa ne: `"YM"` watannin da suka rage bayan an cire cikakkun shekaru, `"MD"` kwanakin da suka rage bayan an cire cikakkun watanni, `"YD"` kwanakin da suka rage bayan an cire cikakkun shekaru.

Bambancin `"M"` da `"YM"` shi ne ya fi rikita masu farawa. Tsakanin ranar da maigida ya kama aiki da 10 ga Maris 2025, `"Y"` za ta ba da 30, `"M"` ta ba da 363, `"YM"` kuma ta ba da 3. Wato ya yi shekara 30 da wata 3, wanda idan aka mayar da shi watanni zalla ya zama 363. Wanda ya haɗa `"Y"` da `"M"` a jimla ɗaya zai rubuta wa mutum shekara 30 da wata 363, kuma kowa ya gani ya san an yi kwaba.

Fomular ba ta cika lamba. Mutumin da saura kwana ɗaya ya cika 60, 59 za ta ba shi, kuma haka ake so a lissafin shekaru. Huɗu daga cikin haruffan, wato `"Y"`, `"M"`, `"D"` da `"YM"`, su ne za ku riƙa aiki da su kullum. `"YD"` tana iya sauya amsa da kwana ɗaya idan shekarar da Fabrairu ke yin 29 ta shiga tsakani, kuma da wuya gida ya buƙace ta. `"MD"` kuwa ita ce mai babbar matsala, za mu zo kanta.

3. Kafin ku yarda da kowace amsa, ku tabbata abin da kuka buga kwanan wata ne

Yawancin kuskuren da ake ɗora wa DATEDIF daga nan yake fitowa. Excel yana ajiye kowace rana a matsayin lamba, yana ƙirgawa daga 1 ga Janairu 1900 wadda ita ce lamba 1. Ranar 10 ga Maris 2025, alal misali, lambarta 45726. Abin da muke gani mai rana da wata da shekara ado ne kawai a kan wannan lambar. Idan Excel bai gane abin da aka buga a matsayin rana ba, sai ya ajiye shi a matsayin rubutu, fomular kuma ta nuna `#VALUE!`.

A Najeriya da Nijar rana ake fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara. Kwamfutoci da wayoyi da yawa kuwa suna zuwa da saitin Amurka, inda wata ke gaba da rana. A irin wannan na'urar, idan kuka buga 15/09/1967, Excel zai ga babu wata na 15, ya ajiye shi a matsayin rubutu. Wannan da sauƙi, domin kuskuren zai fito fili. Mai haɗarin shi ne irin 10/03/2025: ku kuna nufin 10 ga Maris, na'urar ta karanta 3 ga Oktoba, ta karɓa ba gardama. Da haka shekarun maigida za su tashi daga 57 zuwa 58, babu wata alamar gargaɗi. Duk ranar da ba ta wuce 12 ga wata ba tana iya juyewa haka.

Hanyoyi uku ake ganewa. Na ɗaya, ranar da Excel ya gane tana jingina a gefen dama na akwati, rubutu kuma a gefen hagu, muddin ba a sauya jerin da hannu ba. Na biyu, `=ISNUMBER(B2)` za ta ce `TRUE` idan rana ce ta gaske. Na uku, ku sauya fasalin akwatin ya riƙa nuna sunan watan da haruffa, don ido ya ga Maris ne ko Oktoba. Hanyar da ba ta da ruɗani ko kaɗan ita ce shigar da ranar ta fomula, shekara sannan wata sannan rana:

```
=DATE(1967,9,15)
```

Ku kuma riƙa buga shekara da lambobinta huɗu. Idan aka buga biyu kawai, na'ura ce ke zaɓar ƙarnin. A tsohuwar ƙa'idar Excel, 00 zuwa 29 suna zama 2000 zuwa 2029, a wasu kwamfutocin kuma iyakar ta kai 49. Kakar da aka haifa a 1948 tana iya komawa 2048, fomular ta nuna `#NUM!` saboda ranar farawa ta wuce ranar ƙarewa.

4. Kada ku raba kwanaki da 365, kada ku debe shekara daga shekara

Akwai gajerun hanyoyi biyu da mutane ke bi, dukkansu kuma suna ƙara wa mutum shekara kafin lokacinta. Ta farko ita ce a debe shekarar haihuwa daga shekarar da ake ciki. A debe 1967 daga 2025, a samu 58, alhali a ranar 10 ga Maris maigida yana da 57, sai 15 ga Satumba zai cika 58. Wannan hanyar tana yin daidai ne kawai bayan ranar haihuwar mutum ta wuce a wannan shekarar.

Ta biyu ita ce a ƙirga kwanaki a raba da 365. Matsalarta ita ce duk bayan shekara huɗu Fabrairu yana ƙara kwana ɗaya, kwanakin kuma suna taruwa. Daga 15 ga Satumba 1967 zuwa 15 ga Satumba 2027 akwai irin waɗannan shekaru 15, daga 1968 zuwa 2024. Saboda haka shekara 60 ɗin maigida kwana 21,915 ne, ba 21,900 ba. Wanda ya raba da 365 zai ga mutumin ya cika 60 tun ranar 31 ga Agusta 2027, kwana 15 kafin ainihin ranar. A hirar gida wannan ba komai ba ne, amma a lissafin ranar ritaya ko iyakar shekarun neman aiki, kwana 15 suna iya sauya hukunci. `"Y"` ba ta faɗa wa wannan ramin, domin tana duba wata da rana ne ta ga ko ranar zagayowar ta iso.

5. Ku ware akwati ɗaya don ranar lissafi, ku yi hattara da TODAY

Idan ana son shekarun mutum na yau, ana sa `TODAY()` a gurbin ranar ƙarewa. Wannan ya dace da jerin shekarun 'yan gida, domin duk ranar da aka buɗe fayil ɗin zai sabunta kansa. Sai dai abu biyu. Yana dogara da kwanan watan da ke kan na'urar, don haka kwamfutar da agogonta ya ɓace za ta ba da shekarun ƙarya. Sannan amsar tana canzawa, abin da kuka gani a watan jiya ba shi za ku gani yau ba.

Tambayoyin da ofis da makaranta ke yi kuwa yawanci suna da tsayayyar rana. Makaranta tana son shekarun yaro a ranar da zangon karatu zai fara. Hukumar yi wa ƙasa hidima tana duba ko ɗalibi ya haura shekara 30 a lokacin da ya kammala karatu, ba a ranar da ya je karɓar takarda ba. Don irin waɗannan, ku buga ranar a akwati ɗaya, kamar D2 a misalinmu, fomuloli su riƙa ɗauka daga can. Idan fomulolin mutane da yawa za su ɗauka daga akwatin, ku rubuta shi `$D$2` don kada ya zame idan aka ja fomular ƙasa.

A nan kuma ake gamuwa da akwatin da aka bari fanko. Excel yana ɗaukar fanko a matsayin sifili, wato farkon 1900, sai ya ba wanda ba a rubuta ranar haihuwarsa ba shekaru sama da 120. Maganinsa shi ne a ce fomular ta yi shiru idan babu rana:

```
=IF(B2="","",DATEDIF(B2,D2,"Y"))
```

6. Kada ku dogara da "MD". Ku yi amfani da EDATE wajen ragowar kwanaki

Microsoft da kansa ya yi gargaɗi a bayanin fomular cewa `"MD"` tana iya ba da lamba mai alamar debewa, ko sifili, ko amsar da ba daidai ba. Yana da kyau a fahimci dalilin. Idan ranar ƙarewa ta kai ko ta wuce ranar farawa a lissafin kwanan wata, kamar daga 5 zuwa 20, debewa kawai ake yi, babu matsala. Idan kuwa ba ta kai ba, sai fomular ta koma watan da ya gabata ta nemi irin ranar farawar a cikinsa. Matsalar tana tasowa idan wannan watan ba shi da ranar.

Ku dubi jikar da aka haifa 31 ga Janairu 2025. Idan aka nemi ragowar kwanakinta zuwa 1 ga Maris, fomular za ta nemi 31 ga Fabrairu. Babu wannan ranar, sai lissafin ya tsallaka zuwa 3 ga Maris, wadda ta wuce ranar ƙarewa da kwana biyu. Ku gwada wannan a na'urarku:

```
=DATEDIF(DATE(2025,1,31),DATE(2025,3,1),"MD")
```

A Excel amsar ita ce -2. Wannan aƙalla kowa ya gani zai tsaya. Wanda ya fi shi ɓarna shi ne wanda ba ya nuna kansa. Zuwa ranar lissafinmu, 10 ga Maris, `"MD"` za ta ce ragowar kwana 7 ne, alhali daga ƙarshen Fabrairu zuwa 10 ga Maris kwana 10 ne. Lambar 7 ba ta da wani abin zargi a ido, don haka za ta wuce. Haka nan daga 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yuli za ta ba da sifili, domin Yuni kwana 30 ne. Alamar da za ku riƙe ita ce: duk wanda ranar haihuwarsa ko ta kama aikinsa ta faɗo 29, 30 ko 31 ga wata, kada a yarda da ragowar kwanakinsa daga `"MD"`.

Mafita ita ce a ƙirga cikakkun watanni da `"M"`, a ciyar da ranar farawa gaba da yawan waɗannan watannin ta hanyar `EDATE`, sannan a debe daga ranar ƙarewa. `EDATE` tana da hali mai kyau: idan watan da ta isa ba shi da ranar, tana tsayawa a ranarsa ta ƙarshe. Idan ranar haihuwar jikar tana B3, ranar lissafi tana D3:

```
=D3-EDATE(B3,DATEDIF(B3,D3,"M"))
```

Cikakken wata 1 ne, `EDATE` ta kai mu 28 ga Fabrairu, daga nan zuwa 10 ga Maris kwana 10. A kan maigida, wanda ranarsa 15 ga wata ce, fomular za ta ba da 23, wato shekara 57 da wata 5 da kwana 23. Aikinsa kuma shekara 30 da wata 3 da kwana 18. Ku sa shekaru da watanni da kwanaki kowanne a akwatinsa. Idan aka haɗa su cikin jimla ɗaya sun zama rubutu, ba a iya jera su daga babba zuwa ƙarami, ba a kuma iya tara su.

7. Ku lura da ƙarshen wata da kuma 29 ga Fabrairu

Ko `"M"` da `"Y"` da ake dogara da su suna da wata ɗabi'a da ya kamata a sani. A wurinsu wata ba ya cika sai kwanan watan ya kai lambar ranar farawa. Daga 31 ga Janairu zuwa 28 ga Fabrairu 2025, `"M"` za ta ce sifili, sai 1 ga Maris za ta ce 1. Daga 31 ga Janairu zuwa 30 ga Afrilu za ta ce 2, ko da yake duk wanda aka tambaya zai ce wata uku ke nan. Idan da wannan ake lissafin albashin mai gadi ko yaron shago da ya fara aiki a ƙarshen wata, za a tauye masa wata guda a ranar biya.

Wanda aka haifa ranar 29 ga Fabrairu ma haka ne. Yaron da aka haifa 29 ga Fabrairu 2004, a ranar 28 ga Fabrairu 2022 DATEDIF za ta ba shi 17, sai 1 ga Maris ta ba shi 18. `EDATE` kuwa, idan aka ciyar da ranar haihuwarsa gaba da shekara 18, 28 ga Fabrairu 2022 za ta nuna. Fomulolin biyu sun saɓa da kwana ɗaya a kan mutum ɗaya. Babu wadda ta lalace a cikinsu, kowacce da ƙa'idar da aka gina ta a kai. Idan kwana ɗayan nan yana da tasiri, ofishin da zai karɓi takardar ne ke faɗin wadda yake bi.

Ga jarirai kuwa, makonni ake bi a farkon rigakafi: mako 6, 10 da 14, sannan na ƙyanda a wata 9. A nan ba a buƙatar watanni. `=INT(DATEDIF(B3,D3,"D")/7)` za ta ba da 5, domin jikar tana da kwana 38, mako 5 da kwana 3. Ranar cikarta mako 6 kuwa `=B3+42` ce, wato 14 ga Maris 2025. Ranar da ma'aikatan asibiti suka rubuta a katin rigakafi ita ce za a bi.

8. A lissafin aiki, ku ƙara kwana ɗaya idan ranar ƙarshe ma an yi aiki

DATEDIF tana auna tazarar da ke tsakanin ranaku biyu ne, ba ta ƙirga dukkan biyun. A shekarun haihuwa haka ya dace, kada a ƙara komai. A tsawon aiki kuwa, ranar farko an yi aiki, ranar ƙarshe ma an yi aiki. Ma'aikacin da ya kama aiki ranar 1 ga Maris 1990, ranarsa ta ƙarshe a ofis kuma 28 ga Fabrairu 2025, ya yi shekara 35 cif. Amma fomular za ta ba shi shekara 34 da wata 11 da kwana 27. Idan aka dubi akwatin shekaru kawai, kwana ɗaya ya cinye masa shekara guda. Gyaran shi ne a ƙara 1 a ranar ƙarewa, idan ranar aiki ta ƙarshe ce aka sa a D2:

```
=DATEDIF(C2,D2+1,"Y")
```

Idan an ƙara a fomular shekaru, a ƙara a ta watanni da ta kwanaki ma, in ba haka ba amsoshin uku ba za su jitu ba. Wannan ƙa'idar ta shafi hayar gida da ta fara 1 ga Afrilu ta ƙare 31 ga Maris: ba tare da ƙarin ba za a ga wata 11, da ƙarin kuma shekara 1. Wanda ya yi aiki a wurare biyu da hutu a tsakani, a lissafa kowane zango a layinsa. Kada a ɗauki ranar farko ta wurin farko da ranar ƙarshe ta wuri na biyu, domin lokacin da ya zauna a gida zai shiga lissafin.

9. Ranar ritaya da EDATE ake nemo ta, DATEDIF ta faɗi abin da ya rage

DATEDIF tana faɗin tsawon lokaci, ba ta faɗin rana. A dokokin aikin gwamnatin tarayyar Najeriya, ma'aikaci yana ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Don haka ranaku biyu za a nemo, a ɗauki ta kusa:

```
=MIN(EDATE(B2,60*12),EDATE(C2,35*12))
```

Maigida zai cika 60 ranar 15 ga Satumba 2027, zai kuma cika 35 a aiki ranar 20 ga Nuwamba 2029. Ta farkon ce ta riga, don haka shekarun haihuwa ne za su fitar da shi, yana da shekara 32 da wata 9 a aiki. Idan amsar ta fito 46645, ba kuskure ba ne, lambar ranar ce. Ku sauya fasalin akwatin zuwa `Date`. Akasin haka ma yana faruwa: idan amsar DATEDIF ta faɗa akwatin da aka saita don kwanan wata, shekara 57 za ta bayyana a matsayin 26 ga Fabrairu 1900, sai a mayar da akwatin zuwa `General`.

Idan ranar ritayar tana E2, `=DATEDIF(D2,E2,"M")` za ta nuna saura wata 30, wato shekara 2 da wata 6. Wannan ita ce lambar da gida ke buƙata don tsara kuɗin makarantar yara da kammala gini kafin albashi ya tsaya. Idan ranar da ke D2 ta wuce ranar ritayar, fomular za ta koma `#NUM!`, domin ranar farawa ta shige gaban ranar ƙarewa.

Lambobin 60 da 35 ba na kowa ba ne. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ɗaga na malaman makaranta zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki, farfesoshin jami'a kuma suna kai wa 70. Ma'aikacin jiha ko na kamfani ya duba dokar wurin aikinsa ya sauya lambobin.

10. Ku ɗauki ranakun daga takardu, ku kuma tuna fomular kalandar Miladiyya take bi

Fomula ba ta san gaskiya ba, abin da aka ba ta take taunawa. Ranar kama aiki ita ce wadda ke cikin fayil ɗin ma'aikaci, kuma sau da yawa ranar da aka rubuta takardar ɗaukar aiki daban take da ranar da mutum ya isa ofis ya fara. Ranar haihuwa ma haka: mutane da yawa takardar rantsuwar shekaru daga kotu suke da ita, wani lokaci kuma ranar da ke jikinta ta saɓa da ta katin shaidar ɗan ƙasa ko ta takardun makaranta. Ofis da ranar da ke cikin fayil ɗinsa zai yi aiki. Gara a gano saɓanin tun saura shekaru, da a gano shi a lokacin neman fansho.

Sannan duk lissafin nan na watannin Janairu zuwa Disamba ne. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Ranar da maigida zai cika 60 a takardar ofis, ya kusa cika 62 a lissafin Hijira. Saboda haka abubuwan da addini ya rataya a kan watannin Musulunci, kamar zagayowar shekarar zakka da idda, ba da DATEDIF ake lissafa su ba. A bi ganin wata, a tambayi malamai.

Kafin ku miƙa kowace amsa ga ofis ko makaranta, ku ɗauki mutum ɗaya daga jerin ku lissafa nasa da biro da takarda: ku ƙirga shekaru zuwa zagayowar da ta wuce, ku ƙirga watanni, ku ƙirga kwanaki da kalanda. Ku zaɓi wanda ranarsa ta faɗo 29, 30 ko 31 ga wata, domin idan akwai kuskure a fayil ɗin, a kansa zai fara fitowa.